Muryar Inna Guntu Huɗu

Bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, abin da ya rage mana na muryarta guntu huɗu ne a kaset daban-daban, duk tana ba da labarin tsibirin da aka haife ta kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe shi. Ni na ɗauke ta, jefi-jefi, da rakodar gidanmu.

Lokacin da ta rasu, idanun Baba sun riga sun tafi. Yakan zauna ƙarƙashin mangwaro a Yelwa, ƙanwata tana canza masa kaset. Da na sayi kwamfuta don aikin bidiyon biki, na zuba guntayen a ciki, na jera su baki da baki, na kai masa da alfahari.

Inna tana tsakiyar magana sai ƙas! Baba ya zabura. Bayan ƙarar kuma, ruwan saman da ke zuba bayan muryarta ya ɗauke lokaci guda, kaji suka maye gurbinsa.

"Kashe shi," in ji Baba. "Duk sadda ta zamna kusa da ni sai wani ya buga ƙohwa."

Raina ya ɓaci, har na ce a zuciyata tsohon nan ba ya godiya. Amma gaskiyarsa ce.

Na koma shagona na buɗe zanen sautin a kwamfuta, na yi ta ƙara girmansa. A mahaɗar, layin guntun farko ya ƙare can sama, na biyu ya fara daga ƙasa. Wannan tsallen ne ƙarar. Maganinsa a ɗora wutsiyar wancan kan farkon wannan, ɗaya yana dushewa ɗaya yana tasowa. Na bi shirun da Inna ke yi in tana jan numfashi, a nan na haɗa su. Ruwan sama ya janye a hankali, kaji suka shigo daga nesa, daga baya motsin jiragen ruwa a gaɓar garin Wara.

Guntun ƙarshe ne ya ba ni wuya. Kaset ya ƙare daidai kan kalmarta, babu rarar da zan dusar ba tare da na cinye maganar ba. Sai na taɓa ƙarshen da dushewa 'yar mitsitsiya don kashe ƙarar kawai, na ɗebo sautin ruwa daga wurin da ta yi shiru, na shimfiɗa shi ƙarƙashin kalmar, ya zarce, yana raguwa har ya ɓace.

Da la'asar na kunna masa. Ina kallon kafaɗunsa a kowace mahaɗa, ba su motsa ba. Ni kaina na manta inda na ɗinke, ji nake kamar Inna ta yini tare da mu. Kewarta ta kama ni sosai.

Da ruwan ya fara nisa, ƙanwata ta kai hannu za ta ƙara murya. Baba ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Bar ta, ɗiyata," ya ce a hankali. "Gida za ta."