Tukur Gazara Bai Tafi Amurka Ba

Yayana Tukur malamin gona ne a Gazara. Mutum ne mai kunyar tsiya, irin wanda ko yunwa za ta kashe shi ba zai ce a ƙara masa tuwo ba. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa 'yar fari, Rahmatu, ni nake riƙonta. A garinmu mutum ba ya nuna ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa.

Shekara uku da samun mulkin kai, wata kwalejin aikin gona a Amurka ta aiko masa takardar cewa ta ɗauke shi. Wayyo, murna! Amma biza sai da shaidar biyan kuɗin makaranta. Tallafin karatun gwamnati bai samu ba, sai ya sayar da fadamar raken da ya gada, ya biya, aka aiko rasit. Na yi masifa har muryata ta dishe, bai ji ba. Kuɗin ci da kwana kuwa, Baffa Ya'u, wan mahaifinmu mai fataucin gyaɗa a Makarfi, ya ɗauki nauyi, ya karɓo takarda daga banki.

Tare suka je ofishin biza a Kaduna, Baffa na zaune gefensa. Baturen ya duba takardun, ya ce sun cika. Saura abu guda, sai ya gamsu Tukur zai dawo in ya gama.

"Aikinka yana jiranka?"

"Na ajiye."

"Gona fa?"

"Na sayar."

"Mata?"

"Ta rasu."

"Kana da ɗa?"

Tukur ya dubi Baffa, ya sunkuyar da kai. "Akwai dai wata yarinya a gida, ta ƙanwata ce."

Baffa ba ya jin Turanci, yana can yana jan carbi. Baturen ya ce bai ga abin da zai dawo da shi ba, ya mayar masa da fasfo.

Da ya ba ni labari na ce, "Haba Yaya! 'Yar cikinka?" Ya ce, "Ummuhani, a gaban Baffa zan buɗe baki in ce tawa ce?" Wallahi ranar na yi kuka, rabi tausayi, rabi haushi.

An ce yana iya sake nema baɗi. Kafin baɗi Baffa ya rasu, babu mai tsaya masa. Kwaleji ta dawo da mafi yawan kuɗin, amma wanda ya sayi fadamar ya ce ciniki ya faɗa. An ba wani aikinsa. Ya koma sarin rake yana kaiwa kasuwar Kudan a kan jaki, har tsufa.

Abin da ke ci mini rai har yau, wai wannan ne aka ji tsoron zai ƙi dawowa gida. Daga ranar har muka binne shi, Tukur bai ƙara wuce Zariya ba.