Rabin kafso a cikin koko

A gidanmu na Nasarawa akwai wani tsohon gwangwanin madara da ke zaune a saman kabad, kuma duk yadinmu an san da zamansa. A ciki Mama take tara ragowar magani: farasitamol, man zafi, da kafso ja da baƙi, wanda ake kira antibayotik. Mama ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta ɗauko gwangwanin nan ta girgiza, sai ka rantse ta yi shekara goma tana aikin asibiti. Mata 'yan zumuntar cocinmu sukan biyo bayan an tashi, wannan ta ce maƙogwaro, waccan ta ce majina, Mama ta ba kowa biyu biyu ta haɗa da addu'a. Bayan mako guda su dawo suna godiya, mura ta tafi.

Ni ma da shi na tashi, kuma ban taɓa tuhumarsa ba. Hasali ma ni ce mai cika gwangwanin. Duk lokacin da aka rubuta min magani na kwana biyar, da na ji sauƙi a rana ta uku sai in kawo saura in zuba, ina ganin na yi tattali.

A shekarar da nake magana ina aiki a wani kamfani a Kudenda, sashen da ake shirya kaya a kwali. 'Yata tana da wata goma sha huɗu, ta fara takawa tana bin bango. Kullum da safe nakan kai ta wurin Mama, in ɗauke ta da yamma. Mijina direba ne, yana yin kwanaki a hanya, kuma tun farko bai so renon Mama ba, ya fi son a kai yarinyar gidan reno inda ake biya.

Da damina ta kankama sai mura ta kama 'yar. Hanci ya toshe, tana atishawa, tana kama nono tana saki don ta samu numfashi. A rana ta uku majinar ta yi kauri ta koma kore, ni kuwa a sanina koriyar majina ita ce alamar ciwo ya yi nisa. Ina tsoron neman hutu, don ba a daɗe da sallamar wasu mata ba. Ina ɗaura ɗankwali a bakin ƙofa, mai keke yana min hon, na ce wa Mama ta buɗe kafso ta zuba mata rabi a koko, safe da yamma. Mama ta ce yarinyar ba ta yi ƙanƙanta ba kuwa? Na ce rabi ne fa, Mama, na fita da gudu.

Kwana huɗu ana ba ta. Murar tana nan yadda take, sai ga gudawa ta shigo. Da farko muka ce haƙori ne. Amma ranar Asabar na iske ta kwance a cinyar Mama kamar tsumma, idanu sun faɗa, tana kuka ba hawaye, bakinta ya yi fari fat a ciki, ko ruwa ta ƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka shiga keke zuwa asibitin unguwa, mijina ya same mu a can, ko jakarsa bai ajiye ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu wata doguwa ce 'yar Filato, mai magana a hankali. Ta ja fatar cikin yarinyar, fatar ta daɗe ba ta koma ba, nan take ta sa aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Da komai ya ɗan lafa sai ta juyo ta tambaya me muka ba ta a gida. Mama ta kwance bakin zani ta fito da katin kafson. Sai nas ɗin ta ce wa ya ba jaririya wannan?

Mijina yana tsaye yana kallonmu. Kafin in haɗa magana Mama ta ce, "Sista, ni ce. Ni na ba ta, ki yi haƙuri."

Na jira faɗa, amma matar nan ta jawo benci ta zauna kusa da Mama. Ta ce ƙwayoyin cuta iri biyu ne suka fi damun mutane. Akwai bakteriya, halitta ce mai rai da jikinta da bangonta, kuma wannan kafson aikinsa fasa bangon. Akwai kuma bairos, shi ke kawo mura da mashasshararta. Ba shi da wannan bango, cikin ƙwayoyin jikin mutum yake shiga ya hayayyafa, don haka maganin ba ya samun abin da zai kama. Jiki ne ke korar mura da kansa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ko an sha kafso ko ba a sha ba, kuma majina takan yi kore a hanya, ba wani abu ba ne.

Mama ta ce to in ba ya yi wa mura komai, me ya yi wa jikarta? Nas ta ce a hanjin kowa da bakinsa akwai bakteriya masu amfani, su ne kafson ya samu ya karkashe, shi ya buɗe wa gudawa da farin baki hanya. Ta ƙara da abin da ya fi tsaya min a rai: waɗanda suka tsira daga rabi-rabin nan su ne masu taurin kai, su za su yaɗu, ranar da yarinyar za ta kamu da ciwon huhu na gaske maganin yana iya ƙin ci. Ta ce mura tana son nono da ruwa da ɗigon ruwan gishiri a hanci. In numfashi ya yi sauri, ko ƙirji yana lotsawa, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, a kawo ta a duba.

Kwana biyu muka yi, aka sallame mu da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink da maganin baki. Yarinya ta warware, ta koma bin bango. Amma mijina ya yanke hukunci, daga Litinin gidan reno. Bai yi wa Mama rashin kunya ba, sai dai gaisuwarsa ta yi sanyi, kuma labari ya zaga zumunta cewa tsohuwa ta kusa kashe jikarta. Matan da ke biyowa bayan coci suka daina. Gwangwanin ya sauko daga kabad, ya koma na ajiye maɓallai.

Wata uku ina ɗauke da abin a ciki. Nakan wuce ƙofar Mama da safe da 'yar a baya, tana miƙa hannu tana kiran Kaka, Mama ta ɗaga mana hannu kawai ta ci gaba da shara. Wata Lahadi na kasa jurewa, na zaunar da mijina na faɗa masa ni ce na ce a bayar, kafson ma ragowar nawa ne. Washegari shi da kansa ya saɓa yarinyar a kafaɗa muka kai ta wurin Mama.

Da ya tafi na tambayi Mama me ya sa ta ɗauki laifin da ba nata ba. Tana dama koko, ba ta ko ɗago ba.

"Ke kina da aure da za ki riƙe," in ji ta. "Kuma hannuna ne ya zuba. Na ji a jikina bai dace ba, na zuba."

Ta ɗebo kokon a cokali, ta hura, ta ɗanɗana, sannan ta kai bakin jikarta.