Rigar akwatin rezo

A shekarun da hanyar Agadas ba ta biyuwa sai motoci sun taru soja sun yi musu rakiya, ina aiki a wani shagon intanet a Arlit, irin wanda muke ce wa sibar. Kwamfuta shida ne, da injin kwafi ɗaya mai cin takarda in ransa ya ɓaci, sai ni mai buga wa mutane wasiƙa. Mai shagon Alhaji ne daga Damagaram, tsohon ma'ajin kaya a kamfanin ma'adinai. Da aka rage ma'aikata sai ya kwashe kuɗin sallamarsa ya kafa farantin tauraro a kan rufi. Mutumin kirki ne ƙwarai, amma bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba.

Ni 'yar Maradi ce, kuma Kirista. Majami'armu ta Arlit ɗaki ɗaya ce ta kwano a bayan kasuwa, in mun cika benci biyar mun yi yawa. Da abubuwa suka rikice, ga fari ya tsayar da farashin hatsi a sama, ga maganar nakiya a hanya, ni da maigidana muka aika da ɗiyarmu wurin innata a Maradi. Ba ta daɗe da yaye ba lokacin. Muka ce wata uku ne, sai ga shi an shekara biyu ban sa ta a ido ba. A waya tana jin muryata sai ta miƙa wa kakarta ta gudu wasa. Ina dariya a kai, amma abin yana cina.

Gab da Kirsimati na sayi atamfa mai zanen zabbi, na ɗinka mata riga da ƙiyasi, na ba wani direba ya kai. Ƙyalle ya rage, ni kuma ba na iya ganin ƙyalle a banza. A shagonmu akwai ɗan akwati mai fitilu kore wanda ke karɓar intanet daga na'urar faranti yana raba wa kwamfutoci. Akwatin rezo muke ce masa, rezo kuwa shi ne layin sadarwa. A Arlit ba a barin abu mai daraja tsirara: talabijin da mayafinsa, rediyo da jakarsa, saboda rairayi, kuma kowa yana da abin da yake faɗi a kan ƙurar da ke tasowa daga wajen ma'adinai. Sai na ɗinka wa akwatin riga, har da soso a ciki don ta zauna daidai, na bar 'yar taga ta fitilu da ƙofar wayoyi. Alhaji ya yaba sosai, ya ce ko na ofishin manyan kamfani bai kai namu gata ba.

Da sanyi ya wuce rana ta fara zafi, sai akwatin ya ɓullo da sabon hali. A yi ta aiki lafiya, can sai komai ya tsaya cik. Fitilu na nan a kunne, amma shafi ba ya buɗuwa. Sai an zare masa wuta an mayar, sannan ya dawo hayyacinsa, ya yi 'yan sa'o'i, ya sake suma.

Abin da ya sa aka sa ni a bakin duniya shi ne, akwatin yana da zaɓi. In ya tsaya Alhaji yana nan, shi ba ya gaggawa. Zai zare waya, ya duba agogo, ya ce, "A je a yi salla tukuna." Ya ɗauki buta, ya tafi masallaci, ya tsaya hira a ƙofa, ya dawo ya mayar da waya, kuma akwatin ya yi sa'a uku cur. Ni kuwa in ni kaɗai ce, mutane sun zuba min ido, sai in zare in mayar nan take. Ba ya cika sa'a ɗaya sai ya sake faɗuwa. 'Yan kabu-kabun da ke fakewa a inuwarmu suka yanke hukunci cewa akwatin Musulmi ne, ba ya tashi sai an yi salla.

"Madam, ki bar taɓa shi ba alwala," in ji ɗayansu.

Na ce masa, "To ai kai ma ban taɓa ganin ka tashi lokacin salla ba, ko kai ma a zare maka waya?"

Ana cikin haka ƙanena ya kira ni daga Maradi. Ya ce ya ɗauki yaran majami'a a bidiyo ranar Kirsimati suna waƙa, ɗiyata tana gaba-gaba, kuma ya sa bidiyon a wani shafi da ake ajiye kaya kyauta. Na buɗe shafin. Kwamfuta ta lissafa ta ce sauke shi zai ci sa'a huɗu da 'yan mintoci. Shafin kuma irin marar mutuncin nan ne, in layi ya katse sai a koma farko. Akwatinmu a ranar da ya fi lafiya sa'a uku yake yi. Sau shida na gwada cikin mako biyu. Akwai ranar da shuɗin layin da ke nuna saukewar ya wuce kashi saba'in, na riga na gyara kujera, sai ya tsaya. Na shiga bayan injin kwafi na yi kukana, na fito na ci gaba da buga wa wani takardar neman aiki.

Alhaji ya ga idona, ya ce wannan magana yanzu ta zama tasa. Ya kira ma'aikacin da ya kafa mana farantin, wanda yake Agadas ba shi da niyyar bin ayari saboda mu. Mutumin ya ce wataƙila adireshi ne. Wai akwatin aron adireshi yake ba kowace kwamfuta na ɗan lokaci, shi ma aro yake karɓa daga na'urar faranti, in wa'adin ya cika ba a sabunta ba sai a rasa hanya. Ya bi da mu ta waya har muka gano wurin da ake duba wa'adin. Wa'adin kwana ɗaya ne cikakke, kuma lokacin da rezo ya tsaya kowace kwamfuta tana riƙe da adireshinta. Ya ƙara da cewa da wa'adi ne, da a kan lokaci ɗaya zai riƙa yankewa kamar agogo. Sai ya ce to cunkoso ne, yara sun cika masa ciki da sauke waƙoƙi. Alhaji ya rubuta doka da babban baƙi ya manna a bango: an hana sauke komai. Sai da ya gama mannawa ya tuna ni ce babbar mai laifin, ya ƙara da biro a ƙasa, "sai Madam." Ranar Lahadi bayan sujada ya ba ni mabuɗi, na zauna ni kaɗai da kwamfuta ɗaya. Akwatin ya suma kamar kullum, ba kowa a shagon balle a ce cunkoso.

Wanda ya warware mana wani dattijo ne mutumin Tawa, mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki a gidajen ma'aikatan kamfani, shi ma an sallame shi. Ya zo in buga masa takarda. Ni kuwa na daɗe da gano cewa kan akwatin ya fi ko'ina riƙe ɗumi, don haka a nan nake ajiye ƙosaina na safe. Ya ga na miƙa hannu na ɗauko ƙosai yana ɗumi da ƙarfe goma sha ɗaya.

"Ɗiyata, mi kika aza ƙosan ga bisa?"

"Akwatin rezo ne, Baba."

Ya tashi ya sa bayan hannunsa a ƙarƙashin rigar, ya janye da sauri. "Wa ya yi mishi wanga bargo?"

Alhaji ya amsa da alfahari, "Madam ce. Har da soso."

Dattijon ya yi dariya har sai da ya riƙe tebur. Ya tuɓe rigar, ya nuna mana 'yan ramukan da ke gefe da ƙasa, waɗanda na toshe tas. Ya ce ta nan yake shan iska. In ya yi zafi ya wuce kima, ƙwaƙwalwarsa ce ke tsayawa, ko da fitilu suna ci. Alhaji yana barinsa ya huce rabin sa'a saboda masallaci da hira, ni kuwa ina tashinsa da zazzaɓinsa a jiki. Ya hure ramukan, ya ɗora akwatin a kan ƙananan katako biyu don iska ta bi ta ƙasa, ya juyo masa fanka. Ya ce a riƙa goge shi kowace safiya, kuma kada wani ya sake yi masa sutura. Alhaji ya gyara hula ya ce dama shi tun farko ya yi zargin zafi ne.

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na ninke rigar na cusa a jaka. 'Yan kabu-kabu suka ce ashe akwatin ba shi da addini, gumi ne kawai ya dame shi.

Washegari da ƙarfe tara da rabi na danna saukewa. Alhaji ya ciro dokarsa daga bango, amma ya tsaya a ƙofa yana roƙon duk wanda ya shigo ya duba wasiƙarsa kawai ya tafi. Dattijon ya dawo karɓar takardarsa ya ƙi tafiya, yana taɓa akwatin lokaci-lokaci kamar mai jinya. Sa'a uku ta cika, fitilu suna ta ƙyaftawa. Aka kira azahar, saura kaɗan bidiyon ya gama sauka, suka tafi masallaci suna waiwaye, kuma a karon farko Alhaji bai zare waya ba. Bidiyon ya gama sauka tun suna can, amma na kasa buɗewa ni kaɗai. Na jira su, na aika aka kira maigidana.

Hoton yana rawa, sautinsa yana shaƙewa. Yara sun jeru a gaban majami'armu ta gida suna tafi. Na bi fuskokin layin gaba ɗaya bayan ɗaya, na sake bi, ban gane ta ba. Ina neman jaririyar da na sa a mota, ita kuwa ba ta cikinsu. Sai Alhaji ya sa yatsa a kan gilashin.

"Ga ta nan. Ga rigar akwatinmu."

Zabbin ne. Rigar ta ɗage mata har sama da gwiwa, hannuwan sun matse, don na auna ta da yarinyar da ke cikin kaina. Ga ta doguwa, tana waƙa da baki buɗe, tana ture ta kusa da ita da gwiwar hannu kamar yadda nake yi ina ƙarama. Na lalubo ƙyallen nan daga jaka, da soson da komai, shi na samu na share fuskata.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, ayarin jibi zai tashi. Ki je ki auno ta da hannunki, shagon ba zai gudu ba."