Layi Huɗu Ga Mai Litinin

Shekara ashirin da shida Akawu ya yi a kamfanin sayar da kayan gini da ke bayan tashar manyan motoci, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗaukar kowa aiki ba, bai taɓa korar kowa ba. Shi nasa bugawa ne. Manaja ya yanke, shi ya buga, ya kai a sa hannu, ya liƙe ambulan. Ya fara da tafireta mai cin yatsa, ya ƙare da kwamfutar da sai an lallashe ta kafin ta tashi. Teburinsa na bakin ƙofar Manaja, ƙarƙashin wata fanka mai juyawa ba tare da ta dami iska ba, tagarsa kuma tana kallon bencin baƙi da ke jikin ɗakin maigadi.

In akwai abin da yake alfahari da shi, to takardar ba da haƙuri ce, wadda ake aika wa duk wanda ya nemi aiki bai samu ba. Shi ya rubuta ta a shekararsa ta biyu, lokacin yana da gashi da buri. Shafi ɗaya da rabi ce. Ta fara da cewa hukumar gudanarwa ta yi matuƙar farin ciki da samun takardar mai nema, ta yaba tarin cancantarsa, ta ce a halin yanzu ana ci gaba da nazarin buƙatun kamfani, ta rufe da cewa an adana takardunsa a wuri na musamman kuma za a tuntuɓe shi da zarar dama ta samu. Wurin na musamman kwalin tayil ne a ƙarƙashin matakala, inda ɓeraye ke nasu nazarin. Manajoji uku sun zo sun wuce, babu wanda ya taɓa ko wasali a cikinta, domin duk tsawonta babu inda ta ce a'a.

Mafi yawan mutane kan karanta su gane, su ci gaba da neman abincinsu. Sai a bana aka samu wanda ya yarda da ita.

Dattijo ne mai kimanin shekara hamsin, tsohon mai kula da sito a wata masaƙa da ta rufe. Ya nemi aikin sito, ya zo ganawa, ya amsa tambayoyi yadda ya kamata, aka ɗauki wani. Mako bakwai ke nan sabon yana riƙe da makullai. Shi kuwa dattijon kowace Litinin da ƙarfe tara sai ya zo da rigarsa mai guga, ya zauna a benci, takardar na cikin leda a aljihun gaba, ya tambaya ko dama ta samu. Maigadi ya sa masa Mai Litinin.

"Akawu, ga ma'aikacinku na benci ya iso," in ji maigadi ta taga. "Ya fi wasu da ke ciki zuwa a kan lokaci."

A Litinin ta bakwai Akawu ya fito shan iska, Mai Litinin ya miƙe tsaye ya ba shi hannu biyu.

"Malam Akawu, shawara nake nema. Yayan matata yana da shagon kayan mota a wani gari, yana so in je in riƙe masa sito. Ya ba ni zuwa Alhamis. In ban je ba zai sa wani."

"To ai alheri ne. Da ni ne da tuni na haɗa kaya."

"Haba, Malam. In bar aikin kamfani in je surukina yana aikena sayen ruwa? Ai na gaya masa ina da magana a nan."

Akawu ya dubi ƙofar Manaja, ya rage murya. "Sito fa akwai mutum a ciki."

"Na gan shi. Yaro ne, ba zai jima ba. Shi ya sa suka ce a wuri na musamman." Ya dafa aljihunsa. "Da hatimi, da sa hannu. Kai kanka ka sani, maganar baki ba ta kashe takarda."

Akawu ya sani. Shekara ashirin da shida yana cin abinci da wannan gaskiyar.

Ya koma teburinsa, ya buɗe tsohuwar takardar, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya ga ba ƙarya a cikinta da za a kama, haka kuma ba gaskiyar da za a riƙe. Ya goge farin cikin hukuma, tunda bai taɓa ganin hukumar tana farin ciki ba. Ya goge "a halin yanzu", domin duk mai jin yunwa in ya ji a halin yanzu, gobe yake ji. Ya goge wurin na musamman. Ya so ya faɗi dalilin da ya sa aka ɗauki wani, ya tuna ba a gaya masa ba, kuma abin da ya sani ba na rubutawa ba ne, ya bari. Ya nemi abu ɗaya na yabo wanda yake gaskiya. Shi ya ɗauki bayanan ganawar, ya tuna yadda dattijon ya zana musu tsarin kantoci a bayan ambulan. Kafin a tashi ya rage masa layi biyar:

"Malam, mun gode da neman aikin mai kula da sito da ka yi, da zuwanka ganawa.
Mun ɗauki wani, an rufe gurbin, kuma babu wani gurbi da za ka jira.
Bayanin da ka yi kan tsarin shigar da kaya da fitarwa ya nuna ka san aikinka.
Muna ba ka haƙuri da takardarmu ta farko ba ta fito da wannan a fili ba.
Muna yi maka fatan samun wanda ya fi alheri."

Washegari ya sa ta a saman fayil ya shiga. Manaja ya karanta, ya juya bayan takardar ko akwai ci gaba.

"Ina sauran?"

"Ke nan, Yallaɓai."

"Akawu, tawada ce ta ƙare ko ladabi? Mutum ya zo da girmansa, ka ce masa mun ɗauki wani, kamar mai korar kaza?"

"Yallaɓai, waccan ce ta zaunar da shi a benci mako bakwai. Yana da wani aikin a hannu, jibi zai kuɓuce masa saboda mu."

"Mu muka ce ya zauna?"

"Ba mu ce ya tashi ba."

Manaja ya dube shi ta saman tabarau. Mutum ne mai taushin hali, irin wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, sai dai ya sa a ce masa Manaja ba ya nan. Ya ɗauki biro ya ja layi a kan na huɗu. "Kamfani ba ya kuskure a rubuce. Cire wannan. Sauran kuma, tunda ka matsa, kawo in sa hannu. Amma kai za ka kai."

Aka sake bugawa, layi huɗu, aka buga hatimi. Da aka tashi da la'asar Akawu ya hau babur ɗin haya ya bi adireshin da ke kan takardar neman aikin: lungu na uku bayan injin niƙa, gida mai ƙofar langa-langa. Mai Litinin ya fito da singileti, da ya ga ko wane ne sai ya koma da gudu ya sako riga. Ya leƙa ciki ya ce, "Ke, kawo kujera, daga kamfani ne!" Da murna ya faɗa, yadda maƙwabta za su ji.

Akawu ya miƙa masa ambulan, ya karanta a tsaye. Ba ta ɗauke shi minti ɗaya ba, ya sake karantawa, ya ninke ta huɗu.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Manaja ya sa hannu."

"Na ga hannunsa. Wa ya rubuta?"

"Ni ne."

"Jiya na kawo maka sirrina, yau ka kawo mini wannan." Muryarsa ba ta tashi ba. "Me na tare maka, Malam? Ko kana da naka ɗan'uwan da kake ajiye wa?"

Matarsa ta tsaya a bayan ƙofa da kujerar roba a hannu, ba ta fito ba, ba ta koma ba. Akawu ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya juya.

Ranar Laraba, a karon farko, Mai Litinin ya zo ba ran Litinin ba. Ya tare motar Manaja a bakin get, ya miƙa takardu biyun ta taga, doguwa da gajeruwa. Daga teburinsa Akawu yana jin komai.

"Wallahi, Baba, ni na so a ƙara dubawa," in ji Manaja, hannu a ƙirji. "Amma ka san ma'aikatan ofis da gaggawa. In abu ya shiga fayil ya fi ƙarfina. Ka yi haƙuri."

Dattijon ya yi masa godiya har da rusunawa, ya ce dama ya san ba daga shi ba ne. Da Manaja ya shigo, ya tsaya a teburin Akawu ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota. "Ka ga abin da gajeriyar takardarka ta jawo? Shekara nawa muna aika waccan, wa ya taɓa tare mini mota? Daga yau a koma ta da."

"To, Yallaɓai."

Ranar Alhamis da hantsi maigadi ya leƙo. Ya ce ya ga mutumin a tasha da jaka da tabarma, ya shiga motar garin surukinsa. Ya kuma bar saƙo.

"Wane saƙo?"

"A bar shi kawai, Akawu. Kai ma kana da 'ya'ya."

An ce yana can yana riƙe da siton, kuma tun zuwansa ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. An ce duk wanda ya zauna a shagon sai ya ji labarin aikin kamfanin da ya samu, da hatimi da komai, har wani akawu mai baƙin ciki ya shiga ya fita ya soke shi. Labari ba ya biyan kuɗin mota, don haka bai yi wata biyu ba ya dawo gari, ya bi ta wurin masu ɗinki, ya shiga gidan Akawu.

Wata rana Akawu ya dawo daga aiki yana cire takalmi a bakin ɗaki, matarsa ta tsaya a kansa.

"Baban yara, wata magana na ji. Wai ka hana wani bawan Allah aiki?"

"Haka aka ce?"

"Haka aka ce. Ni dai na ce ba halinka ba ne. Amma kai ka rubuta takardar?"

"Ni na rubuta."

Ta dube shi, ta ɗauki takalman ta ajiye su a bayan ƙofa, ta ce ruwan wanka na banɗaki.