Ranar da Baba ya shayar da bel man shanu

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Bodinga daga Shagari, saura 'yan shekaru Turawa su tafi, duniyata ba ta wuce tsakar gida da bayan katangar zaure ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Maigidana makaniki ne, a zaure yake gyaran kekunan hawa da na ɗinki da babura, ni kuwa ina tankaɗe ina jin komai.

Da kunne na san babura ukun da ke zaurenmu a daminar nan. Na malamin gona mai sarƙa ne, tun daga bakin kasuwa kake jin kacau-kacau ɗinsa. Maigida ya ce sarƙa ba ta ɓarnar ƙarfin inji, ga arha, ga sauƙin gyara, sai dai kullum tana son mai, man kuma ya kama rairayi, rairayin ya yi ta cin ta. Jiya-jiya ta tsinke, mai shi ya ajiye babur ya hau jaki zuwa Dingyaɗi.

Na biyu na Baturen dabbobi ne. Shi ba sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juyawa cikin kube, ta murɗa haƙoran da ke juya ƙafar baya, duk a rufe cikin mai. Ruwa da laka ba su dame shi ba. Sa'ad da yake da lafiya gunji kawai yake yi a hankali. Amma nauyi gare shi kamar maraƙi, kuma tun bazara haƙoran suka kakkarye. Babu maƙerin da zai ƙera su, sai an aiko daga Turai. Kajina har ƙwai suka yi a ƙarƙashinsa.

Na uku namu ne, tsoho tukuf, mai bel, wato ɗamarar da ke juya ƙafar baya. Shi ne mai ladabi, shuu yake tafiya ba fizga. Bel ɗin roba da ya zo da shi ya daɗe da mutuwa, sai surukina, wanda duk muke kira Baba, ya ɗauki aikin. Baduku ne na gaske. Yakan yanka kirgi ya haɗa rufi-rufi ya ɗinke, ya fere gefen ya shiga kwarin da aka yi masa a jikin inji da ƙafar baya. A makon nan ya gama sabo.

Ran nan da hantsi wani maƙwabcin iyayena ya faɗo gidan a kan keke, laka har gwiwa. Kububuwa ta sari ƙanena a gonar gero tun da asuba, dasashinsa har ya fara jini, kuma babu allurar maciji a Shagari. Rariyar hannuna ta faɗi. Mu biyu kaɗai uwarmu ta haifa.

Maigida ya ruga ya ɗauko malamin asibiti da jakarsa. Ban san sa'ad da na tsinci kaina a ƙofar zaure ba, ni da ko leƙe ba na yi. Suka hau namu su biyu, inji ya tashi bugu ɗaya. Maigida ya sa giya, ya saki hannu. Inji ya yi ruri, babur ya matsa taku biyu ya tsaya cik. Wani siririn kuka na ji, fiii, wanda ban taɓa ji ba, sai ƙauri ya biyo baya, irin na tukunyar da aka manta da mai a kan wuta.

Malamin asibiti ya ce, "Maigida, mu munka tahi ko gari ya tahi ya bar mu?"

Maigida ya sauka ya shafa bel. Ya ɗago hannu yana ƙyalli. Ya sansana.

"Baba! Mi kas sa ma bel ɗin ga?"

Baba ya taso daga kan buzunsa, fuskarsa ma da fara'a. "Man shanu na. Na jiƙa shi cikin ƙwarya tun shekaranjiya, sai da ya sha ya ƙoshi, na maishe shi da sahe. Hwata in ba ta sha mai ba tsagewa takai. Kai ba kullum kana ɗura ma sarƙa mai ba?"

"Sarƙa haƙora ka riƙe ta, Baba! Wanga ba shi da haƙori ko guda, kamun jiki na kawai. Ɗan shahi akai mai, ba jiƙo ba. Ka sa mai santsi, da mi za ya kama?"

Na ga fara'ar ta zube daga fuskar tsohon. Shekarunsa duka yana shafa wa linzami da guga da takalmi mai, ba wanda ya taɓa ce masa ya ɓata. Ya dubi ɗansa, ya dubi inda nake tsaye. Ni da ba na haɗa ido da shi, ranar muka haɗa. Na zauna a dokin ƙofa.

Baba ya ce a kawo toka. Na kwaso ta murhu da zafinta. Ya durƙusa yana murza wa bel da hannu biyu yana salati. Aka gwada, babur ya ja zuwa bakin rijiya. Da fata ta ɗumama, man da ke cikinta ya sake tsattsafowa, fiii ɗin nan ya dawo. Ga hadari ya haɗo ta gabas, bel kuwa ko lafiyarsa lau, in ya jiƙe zamewa yake yi.

Malamin asibiti ya nuna na Bature. "Wancan hwa? An ce shi ba ruwanai da laka."

"Hau mana," in ji maigida, "in kaji sun yarda."

Maigida ya jawo na malamin gona. Ya shimfiɗa sarƙar a kan kututture, ya fitar da gaɓar da ta karye, ya haɗa bakin biyu. Abin haɗi na kanti babu, sai ya yanke ƙusa ya zura, ya dandaƙe kanta da guduma. Da yake sarƙar ta ɗan gajarta, ya kwance ƙafar baya ya matso da ita gaba. Ni dai ina kallon inuwar katanga tana janyewa. Kowane bugun guduma a ƙirjina yake sauka.

"Ƙusar ga za ta kai mu?" in ji malamin asibiti.

"In ta karye akwai wasu aljihu. Hau."

Suka tafi, kacau-kacau, ruwa ya sauko a bayansu. Baba bai shiga daga ruwan ba sai da na aika uwar mijina ta jawo shi. Ranar ba a ɗora tukunya ba. Na kai masa fura, ya ce, "Ɗiyata, aje can," bai taɓa ta ba.

Washegari da la'asar ina wanke-wanke na jiyo sarƙa daga hanyar Shagari. Ba da gudu ba, a ƙaramar giya, inji na nishi. Na ce wa uwar mijina, "Inna, kaya gare shi, kuma lallaɓawa yakai." Gawa ba a kawo ta Bodinga, can za a rufe ta. Na fita ko mayafi babu.

Ƙanena ne a baya, an ɗaure shi da rawani a jikin maigida, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, idonsa biyu. Malamin asibiti ya bar masa wurinsa, yana tafe a kan jaki. Sau biyu ƙusa ta karye a hanyar zuwa, sau biyu suka tsaya cikin ruwa suka ɗaura. An yi allura, jinin ya tsaya, amma an makara wa ƙafar. Da aka wuce da shi babban asibiti a Sakkwato sai da aka cire yatsu biyu.

Ya yi jinyarsa a ɗakina har kaka. Baba ne ya auna ƙafar da zare, ya ɗinka masa takalmi mai cike gurbin yatsun da auduga. Da ya kawo, ƙanena ya juya shi ya sansana.

"Baba, wanga ya sha mai ko a'a?"

Na rufe baki don kunya. Baba ya ce, "Ya sha. Saka mu gani."