Wasiƙar ƙanena ta biyu zuwa kamfanin caca

Ƙanena mai aski ne, kuma in za a faɗi gaskiya hannunsa na da kyau. Kan ne babu komai a ciki. Abokansa suna kiransa Saura Ɗaya, saboda duk tikitin cacar ƙwallon da ya buga, sai ka ji ya ce wasa ɗaya ne ya kayar da shi. Shekara huɗu ana saura ɗaya. A cikinsu ya sayar da babur, ya sayar da janareton shago, har ta kai in an ɗauke wuta sai mutum ya tashi da rabin aski ya nemi wani wuri.

Ni kuwa shagon buga takardu nake da shi, tsallaken titi da nasa. Wata safiya ya shigo yana sunkuyar da kai kamar kazar da ruwa ya daka, wai in rubuta masa wasiƙa zuwa kamfanin cacar su rufe asusunsa. Na ce masa rufewa kaɗai aikin banza ne, gobe zai sa a buɗe. Sai dai ya nemi su hana shi shiga gaba ɗaya, su kuma daina turo masa tallace-tallace. Muka rubuta cewa kashe kuɗin ya fi ƙarfinsa, muka sa sunansa da lambar wayar da ya yi rajista da ita, muka haɗa da hoton katin shaidarsa, ya tura ta imel ɗinsa. Kwana biyu suka amsa, sun toshe shi. Ranar har lemo na saya masa. Kuɗina nake jin haushi har yau.

Mako uku sai ga shi ya dawo, babu injin aski ɗaya daga cikin biyun da suka rage. Na ce ba an toshe ka ba? Ya yi ta sosa ƙeya. Ashe tun bara, don kwaɗayin ɗan garaɓasar da ake bai wa sabon shiga, ya buɗe asusu na biyu da katin shaidar Mama da tsohon layinta. Katin da ta ba shi ya kawo min in yi mata kwafi don asibiti. Matar da ko ludo aka baza a tsakar gida sai ta sa an kwashe.

Ya riga ya tura musu saƙo a ɓoye su toshe wannan asusun ma, suka ce sai mai asusun da kanta, da hotonta riƙe da katin. Roƙonsa shi ne in buga wasiƙar da sunanta, shi kuma ya ɗauke ta hoto ya ce na asibiti ne. Kada dai Mama ta sani, wai hawan jininta. Yanzu ya tuna tana da hawan jini! Na buga masa, amma na ce ƙafata ƙafarsa, kuma ba za ta sa hannu a abin da ba a karanta mata ba.

Muka same ta a falo tana ɗinke maɓallin rigar jikanta. Gogan naku ya tsuguna ya fara zagaye-zagaye, asibiti kaza, sabon tsari kaza. Na gaji, na zaro takardar na karanta. Tsohuwar wasiƙarsa ce, suna kawai aka canza. Da na kai wurin da aka ce, ni mai wannan asusu na kasa riƙe kaina, caca ta cinye abin hannuna, sai ta soke allurar a jikin rigar.

"Maimaita wurin nan."

Na maimaita. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko can a wurinsu sunanta ne a rubuce a kan duk abin da aka buga shekara guda. Na ce nata ne. Shi kuwa ya shiga rantse-rantse, wai takarda ce kawai, babu mai karantawa sai ma'aikaci ɗaya, in kuma aka faɗi gaskiya za su iya riƙe ɗan abin da ya rage a ciki, su ce ya yi musu zamba. Har a lokacin lissafin ragowar yake yi, ko kunya.

Ta ce a kawo mata mayafi. Muka taka har shagona, ta zauna a kujerar kwastoma, ta riƙe katin a ƙirji aka ɗauke ta hoto. Da na ja kujera zan zauna gaban kwamfuta sai ta hana ni, ta nuna masa wurin da haɓa.

"Kai za ka buga. Rubuta ban taɓa caca ba. Rubuta ɗana ne ya ɗauki katina ban sani ba, a rufe har abada. Ka sa sunanka cikakke, wanda ubanka ya raɗa maka."

Da yatsa ɗaya ya buga, yana laluben haruffa. Ita kuma tana tsaye a kansa, tana sa ni ina karanta mata kowane layi.