Shinkafar da Baffa Bai Ci Ba

A gidan Baffa na tashi, ƙanen mahaifina, a Zongon Kwatano. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko. Shadda yake sayarwa, kuma irin mutanen nan ne da ake ba su kayan miliyoyi da baki kawai, babu takarda. Burinsa in zauna masa a shago. Ni kuwa na ga na ji Faransanci, na fi ƙarfin awon yadi.

Na shiga aikin fassara ta intanet. Wata mata a Beljiyam mai ƙaramin kamfani take turo min rubutu da bidiyo na harkar lafiya, in mayar da su Hausa. Na riƙe ta da kyau. Ban taɓa saɓa ranar da muka yanka ba. Idan an ɗauke wuta sai in tare zem, ɗan kabu-kabunmu, in tafi Zogbo wurin abokina mai sola in ƙarasa a can. Kuɗin ba su da yawa, ta hanyar masu aika kuɗi take turowa, in je da katin shaida in karɓa.

Kowane wata idan na karɓa sai in sayo buhun shinkafa in dire a tsakar gida, ina wani hura hanci. Inna, matar Baffa, ta yi godiya ta dafa. Kowa ya ci ban da mai gidan. Duk ranar shinkafa sai a tuƙa masa tuwon masara shi kaɗai. Ni da wayona sai na yanke cewa ciwon suga yake tsoro. Har nasiha nake masa, wai ya riƙa zuwa awo, ina karanto masa abin da na fassara. Shi dai sai ya saurare ni.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata, “Wai wane irin aiki ne wannan da ba a fita?”

Na ce, “Baffa, ko na yi bayani ba za ka gane ba. Harkar zamani ce.”

Bai ƙara tambaya ba.

A Kwatano kuwa, saurayin da ke wuni a ɗaki da kwamfuta, kuɗi na zuwa masa daga Turai, suna ɗaya ake ba shi, gayman, wato ɗan damfarar intanet. Na san da haka, na sha jin 'yan sanda sun kwashe wasu a unguwar Godomey. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa wani zai sa ni a layinsu ba, balle a gidanmu.

Sai babban aiki ya zo, na watanni. Da na gama matar ta ce wannan karon akantanta ya ce dole ta banki za a biya, kuma in turo faktir, takardar neman biya. Ba ni da asusu, ba ni da lambar haraji da muke kira IFU, ban yi rajistar komai ba. A ganina haraji na masu shago ne, ni ai ba na sayar da abin da ake taɓawa. Na zana faktir da sunana, na roƙi Baffa lambar asusun shagonsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ba ni.

Kuɗin suka iso, banki ya riƙe su, aka kira mai asusu. Tare muka je. Ma'aikaciyar bankin ba ta yi mana rashin mutunci ba, aikinta take yi. Ta ce asusun na cinikin yadi ne, kuɗin kuma daga wani kamfani ne a Turai, sai an kawo hujja. Ta nemi kwantiragi, babu, a saƙonni muka yi magana. Na miƙa faktir, ta duba ta ce sunan da ke kai ba na mai asusu ba ne, kuma babu lambar haraji. Ni nake yi wa Baffa tafinta, don haka da bakina na riƙa maimaita masa duk abin da na rasa, ɗaya bayan ɗaya. A bayanmu akwai wani Alhaji maƙwabcin shagonsa, yana jiran layi, kunnensa a buɗe.

Ma'aikaciyar ta juya wurin Baffa ta ce, “Alhaji, kun san sana'ar yaron nan?”

Na fassara masa.

Ya ce, “Gaya mata ban sani ba. Amma ɗana ne. In akwai laifi, asusuna ne, ni za a tambaya.”

Kafin la'asar magana ta zagaye layin 'yan shadda. Mutumin da sunansa ne jarinsa, sai ga shi ana rage murya idan ya wuce. Wani da ya saba ba shi kaya da baki ya ce a ɗan dakata tukuna.

Da na koma gida na fara faɗa, ina zagin banki, ina zagin magulmata. Inna tana tsince wake, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, “Kai dai ka yi shiru. Kana tsammanin suga ce ta hana Baffanka cin shinkafarka? Lafiyarsa lau. Tun buhun farko ya ce min bai san asalin kuɗin ba, ba zai sa a cikinsa ba. Ya tambaye ka, ka ce ba zai gane ba. Ya ce ba zai zargi marayan ɗan'uwansa ba tare da hujja ba, mu ma bai hana mu ba. Addu'a kawai yake maka.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tuna yadda nake dire buhu ina jiran yabo, na tuna laccar suga da nake masa. Kuma da wannan zargin a ransa ya ba ni asusunsa, ya tsaya a banki ya ce ɗansa ne.

Kuɗin suka koma Beljiyam, aka zaftare na hanya, asarar a kaina. Na rubuta wa matar na gaya mata gaskiya. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ce tunda ban taɓa makara mata da aiki ba za ta jira, ta kuma turo kwantiragi da sa hannu. Na nemi IFU, na yi rajistar ƙaramar sana'a, na buɗe asusu da sunana. A birô na impo, wato ofishin haraji, suka nuna min yadda ake fitar da faktir ta hukuma, suka ce haraji kan abin da na samu a shekara ne, ko daga ina ya zo. Abin da na yi ta gudu bai kai wahalar da na ja wa gidanmu ba.

Ban kai wa Baffa takardun ba, ba ya karanta boko. Kwamfutar na ɗauka na same shi a kan tabarma bayan azahar. Na kunna masa wani bidiyo, wata likita tana bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga ga yaro mai gudawa, muryar Hausa na bin ta.

Na ce, “Baffa, maganar da wannan ke faɗa, ni na rubuta ta. Shi ake biyana.”

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Ya ce, “To wannan ne ba zan gane ba?”



Washegari da rana Inna ta kawo masa tuwonsa kamar kullum. Ya buɗe kwanon ya mayar ya rufe, ya ce a zubo masa shinkafa daga tukunyar kowa. Ya ci a natse, ina zaune ina kallon ƙasa. Da ya wanke hannu ya ce wa Inna, “Ashe mai kyau yake sayowa.”